Farashin sammako da cikakken farashi: yadda ake yanka kuɗin tikitin bita da wa'adinsa

An rubuto wannan ne daga faifan wata lacca da aka yi wa masu shirya tarukan koyar da sana'a. An rage maimaici da gaishe-gaishe, an bar sauran maganar yadda ta fito.

Assalamu alaikum. Jama'a barkanku da haƙuri, na ga wasu tun ɗazu suke zaune. An ce in yi magana a kan yadda mai shirya bita ta kuɗi zai raba tikitinsa kashi biyu: farashi mai rangwame ga waɗanda suka biya da wuri, wanda zan riƙa kira farashin sammako, da kuma cikakken farashi ga waɗanda suka zo daga baya. Sai kuma ranar da kowanne zai rufe.

Yawancinmu ga yadda muke yi. Mutum ya yanke kuɗin bita, ya ga wasu suna rubuta rangwame a fostarsu, shi ma ya zaftare wani abu, ya zaɓi wata rana da ta yi masa daɗin faɗa, ya saki talla. In ka tambaye shi me ya sa ya rage naira 10,000 ba 5,000 ba, ko me ya sa wa'adin ya faɗa ranar 15 ba ranar 5 ba, sai ya ce haka dai ake yi. To abin da nake so mu fita da shi daga ɗakin nan shi ne, rangwamen sammako ba kyauta ba ce. Ciniki ne. Kana sayen abu biyu daga hannun mutanen farko: kuɗi a lokacin da kake matuƙar bukatarsu, da kuma labarin ko bitar nan za ta samu mutane ko ba za ta samu ba. Tunda saye kake yi, dole ka san nawa kake biya, ka san yawan abin da kake bukata, ka kuma san ranar da abin ya daina yi maka amfani. Daga nan ne girman rangwame da yawan kujeru da wa'adi duk suke fitowa.

Bari mu ɗauki bita ɗaya mu bi ta daga farko. Alƙaluman misali ne, kowa ya sa nasa a gurbinsu, domin kuɗin ɗakin taro a Kano ba ɗaya yake da na Gusau ko Maraɗi ba.

A ce wata baiwar Allah za ta shirya bitar kwana biyu, a koya wa masu sayar da atamfa da turare da kayan kicin yadda ake ɗaukar hoton haja da waya, hoton da zai ja mai saye. Ɗakin da ta samu yana cin mutum 40. Kafin ta yi tunanin farashi, sai ta raba kashe-kashenta gida biyu. Gida na farko su ne kuɗin da za ta kashe ko mutum biyar suka zo ko arba'in: hayar ɗaki na kwana biyu naira 200,000, sallamar mai koyarwa 150,000, man janareta da lasifika 60,000, talla 50,000, sai 40,000 na abubuwan da ba a rasa ba. Jimla naira 500,000. Gida na biyu su ne kuɗin da kowane mutum ke jawowa da zuwansa: abincin rana sau biyu, ruwa, takardun darasi, takardar shaida. Mu ce naira 7,000 a kan kowane kai. In ta hanyar Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, za a karɓi kuɗi, suna cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100 a kan kowane biya, wato wajen naira ɗari biyar a irin wannan tikiti, shi ma a nan ake lissafa shi.

Cikakken farashi ake fara yankewa, ba na sammako ba. Wannan ku riƙe shi. Cikakken farashi shi ne kuɗin bitar na gaskiya, wanda in mutum ya biya ba zai ji an cuce shi ba, ita ma ba ta faɗi ba. Ta duba abin da irin wannan bita ke ci a garin, ta duba aljihun mutanen da take nema, ta tsaya a naira 30,000. Akwai masu yin akasin haka: kuɗin da suke so a zuci 24,000 ne, sai su ƙirƙiro 40,000 su rubuta a fosta, su ja masa layi, alhali ba wanda suka taɓa niyyar sayar wa a haka. Wannan ha'inci ne, kuma mutane suna ganewa a zagaye na biyu. Cikakken farashi dole ya zama wanda za a sayar da mafi yawan kujeru a kansa.

Yanzu ga inda ake zamewa. Ta ce za ta rage kashi 20 cikin ɗari, tikitin sammako ya zama naira 24,000. A ido, ɗaya bisa biyar ta rage. Amma abincin mai sammako bai ragu ba, takardarsa ba ta ragu ba, naira 7,000 ɗin nan tana nan daram. Wanda ya biya 30,000, in an cire nasa 7,000, ya bar mata 23,000 da za ta zuba a hayar ɗaki da sauran manyan kuɗaɗe. Wanda ya biya 24,000 kuwa 17,000 ya bari. Kun ga daga 23 zuwa 17 an zaftare fiye da rubu'i. Kullum rangwame ya fi ciwo a wannan ragowar fiye da yadda yake bayyana a fosta, kuma gwargwadon tsadar abincinka da kayan aikinka, gwargwadon zafin ciwon. Masu koyar da girki da haɗa kek da sabulu, waɗanda kowane ɗalibi yake cinye kayan haɗi masu yawa, su ya fi kamawa.

To mutum nawa take bukata kafin ta mayar da uwar kuɗinta? In kowa cikakken farashi ya biya, 500,000 a raba da 23,000, mutum 22 sun isa. In kowa na sammako ya biya, sai ta samu mutum 30. Mutum takwas ke nan a tsakani, a ɗakin da bai wuce 40 ba. Ku gwada kuma da rangwamen da ake yawan gani, na kashi 40 cikin ɗari, tikiti ya koma 18,000. Ragowar kowane mutum 11,000 ce. Ko ɗakin ya cika maƙil da irin waɗannan, 440,000 ta haɗa, ba ta kai 500,000 ba. Ɗaki cike, ana ta ɗaukar hoto ana yi mata barka, ita kuwa ciko take yi daga aljihunta.

Wani zai ce to a rage kaɗan mana, kamar naira 2,000. Shi ma bai yi ba, amma ta wata fuskar. Mutumin da ake so ya fitar da kuɗinsa sati uku ko huɗu kafin bita yana ɗaukar kasada: wataƙila biki ya taso, wataƙila rashin lafiya, wataƙila ma a ɗage bitar. Naira 2,000 ba za ta sa ya ɗauki wannan kasadar ba. Abin da zai faru shi ne, waɗanda dama sun ƙudurta zuwa su karɓi rangwamen, masu shakka su ci gaba da shakkarsu, kin yi asarar kuɗi ba ki sayi komai ba. A nawa ganin, tsakanin kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari ne wurin da ya fi dacewa da irin bitocinmu, kuma a rubuta shi da naira, a ce ka rage naira 6,000, domin mutum ya fi jin nauyin naira a kan kashi cikin ɗari.

Mun zo kan yawan kujerun sammako, kuma a nan zan ɗan daɗe, don shi ne abin da aka fi mantawa. Da yawa suna sa rana kawai, ba sa sa adadi. Duk wanda ya biya kafin ranar kaza ya samu rangwame. Haɗarin shi ne, in tallarki ta yi kyau, sai kusan kowa ya shigo ta ƙofar rangwame. A ce mutum 30 ne suka zo bitar nan, dukkansu 'yan sammako. Talatin sau 17,000 ya ba da 510,000. Ribar wahalar sati shida ta tashi naira 10,000. Amma in mutum 30 ɗin nan rabinsu sammako ne rabi cikakken farashi, abin da ya taru 600,000 ne, riba 100,000. Mutane ɗaya, ɗaki ɗaya, abinci ɗaya.

To ta yaya za ta san adadin? Ba da ka ake yankewa ba. Ta koma ta tambayi kanta: wane kuɗi ne dole in biya tun kafin bita ta matso? Mai ɗakin taro ya ce sai an ba shi rabin kuɗi kafin alƙalami, 100,000, sati uku kafin ranar, in ba haka ba ya bai wa masu biki. Mai koyarwa yana son rabin nasa, 75,000, don ya tsayar da ranar. Talla kuma tun farko ake kashe ta, 50,000. Jimla 225,000. Wannan shi ne abin da 'yan sammako za su ɗauke mata. Kowannensu yana barin 17,000, don haka mutum 14 sun rufe shi. Ta ƙara ɗaya ta ce kujeru 15. Ku lura na yi lissafin da 17,000 ne ba da 24,000 ba. Naira 7,000 ta kowane mutum kuɗin abincinsa ce da takardunsa, amana ce, a ware ta gefe. Wanda ya haɗa ta ya biya hayar ɗaki zai zo ana gobe bita yana neman rancen kuɗin shinkafa.

Da kujeru 15 na sammako, ga yadda bitar ta tsaya. Rangwamen gaba ɗaya ya ci mata 15 sau 6,000, wato naira 90,000. Wannan shi ne farashin abin da ta saya, ta san shi tun kafin ta saki talla, kuma ba zai wuce haka ba ko da garin duka ya taso. Bayan su tana bukatar mutum 11 a cikakken farashi ta mayar da kuɗinta, jimla 26. In Allah ya sa ɗakin ya cika, ribarta 330,000. Sai a rubuta a fosta cewa farashin sammako na mutum 15 ne na farko, ko zuwa rana kaza, duk wanda ya riga cika.

Saura ranar. A ce bitar Asabar da Lahadi ce, 28 da 29 ga Nuwamba. Da baya-baya ake lissafi. Mai ɗaki yana son kuɗinsa sati uku kafin nan, wato Asabar 7 ga wata. Ke nan wa'adin sammako dole ya riga wannan ranar da kwana biyu ko uku, don a samu sararin tattara kuɗi a yanke shawara. Ya faɗa Laraba 4 ga Nuwamba. Wa'adin da ya zo bayan an riga an biya mai ɗaki ba shi da wani amfani, domin kin riga kin ɗauki kasadar da kuɗinki, me kuma kike saye da rangwamen?

Abu na biyu da za a duba shi ne lokacin da kuɗi ke shiga hannun mutane. Ma'aikata ƙarshen wata suke samun albashi, wasu ma sai an shiga sabon wata da kwanaki. 'Yan kasuwa su ma cinikinsu yana bin wannan. Ranar 4 ta yi daidai, albashi ya shigo bai gama narkewa ba. Da a ce lissafin ya jefa wa'adin ranar 20 ga wata, da sai in ce a matsar da bitar gaba ɗaya, don ba ka cewa mutum ya yi sauri a lokacin da aljihunsa ya bushe. Haka nan a guji satin Sallah, da lokacin biyan kuɗin makaranta, da goman ƙarshe na azumi, lokacin da kowa hankalinsa yana kan ɗinki da cefane.

Buɗe sayarwa kuma sati shida kafin bita ya wadatar, wato Asabar 17 ga Oktoba. Daga nan zuwa 4 ga Nuwamba kwana 18 ne. Bai kamata ya fi haka da yawa ba. In ka ba mutane wata biyu, kowa zai ce akwai lokaci, ya manta. Kuma ku sa rai da wannan: za a samu 'yan kaɗan a kwana biyun farko, sai a yi tsit, tsit ɗin da ke sa mai shiri ya kasa barci, sannan mafi yawa su biya a kwana biyun ƙarshe. Haka ɗan Adam yake da wa'adi. Kada tsit ɗin tsakiya ya sa ku ƙara zaftare farashi. Abin yi shi ne tunatarwa: saura sati, saura kwana uku, gobe, da kuma safiyar ranar.

A rubuta wa'adin yadda ba mai gardama. Kada a ce daren Laraba, domin a wajen da yawanmu daren Laraba shi ne wanda ya fara bayan magaribar Talata, wani kuma zai ɗauka na bayan magaribar Laraba ake nufi, sai rigima. A sa rana da kwanan wata da ƙarfe: Laraba 4 ga Nuwamba, ƙarfe 6 na yamma. Ni na fi son yamma a kan sha biyun dare, saboda a awannin ƙarshe ne tambayoyi ke yin yawa, wannan tiransifa ta maƙale, wancan bai ga lambar asusu ba, kuma gara a yi wannan kana farke.

Sannan a faɗi abin da ake nufi da an biya. Biya shi ne kuɗi cikakke ya shiga asusu. Ba hoton rasit ba, don ana haɗa na bogi, a buɗe manhajar banki a gani da ido. Ba kuma saƙon ina tafe ba. Sassauci ɗaya nake yarda da shi: wanda rasit ɗinsa ya nuna an cire masa kuɗi kafin ƙarfe shida amma matsalar banki ta sa bai iso ba sai washegari, wannan ya cika alƙawari, a ba shi farashinsa. Kuma tikitin sammako ba a biyan rabi. Dalilin rangwamen gaba ɗaya shi ne kuɗi a hannu, wanda ya ba da rabi ya karɓi rangwame bai kawo abin da aka saya ba.

Yammacin 4 ga wata, an rufe, sai a zauna a ƙirga, domin a nan ne abu na biyu da aka saya yake fitowa, wato labari. In an samu 14 ko 15, alhamdu lillahi, a biya mai ɗaki a ci gaba. In takwas aka samu, akwai sha'awa amma ɗakin mutum 40 ya yi yawa, har yanzu akwai kwana uku a nemi ƙarami mai araha kafin a ba kowa kafin alƙalami. In kuwa mutum uku ne bayan kwana 18 ana talla, to matsalar ba ta farashi ba ce. Ko darasin bai dami mutane ba, ko ranar ba ta yi ba, ko tallar ba ta kai ga masu bukata ba. Wanda bai saya a 24,000 ba, ba zai zo ya saya a 30,000 ba. Gara a mayar wa mutum ukun kuɗinsu cif, a ba su haƙuri, a sake shiri. Asarar ta tsaya a kuɗin talla. Akwai kuma ɗaya gefen: in kujeru 15 suka ƙare cikin kwana biyu, kada murna ta sa a ƙara wasu goma. A rufe, a sanar cewa sun ƙare, a koma cikakken farashi, a kuma rubuta a littafi cewa bita ta gaba za ta iya ɗaukar kuɗi fiye da haka.

Yanzu maganar da ta fi wuya, ƙara wa'adi. Za ku ga an rubuta wai saboda kiraye-kirayen jama'a an ƙara sati ɗaya. Kowa ya san fassararsa, ba a sayar ba. Abu uku yake ɓatawa. Wanda ya matse ya biya ranar 3, wataƙila har da rance, ya ga an mayar da shi wawa. Wanda bai biya ba ya koyi cewa wa'adinki ba wa'adi ba ne, zai jira ƙari na biyu. Kuma darasin ba ya tsayawa a wannan bitar, yana bin ki zuwa ta gaba da ta gaba, har ya zama ba wanda ke motsi sai ana jibi. Garuruwanmu ƙanana ne ta wannan fuska, masu zuwa bita sun san juna, suna zaure ɗaya a WhatsApp. Haka ma rubuta saura kujera biyu alhali saura goma. In za a faɗi adadi a faɗi na gaskiya, in ba haka ba a yi shiru.

Na san abin da ke ran wasu. Ba baƙo ne ke karya wa'adi ba, na gida ne. Ƙawar yayarki ce za ta kira ranar 6 ta ce haba ƙanwata, ni ma sai an yi mini haka? Ko wani dattijo ya aiko ɗansa. Kunya ba za ta bari ki ce a'a ba, ni ma ba zan ce ki zubar da mutunci a kan naira 6,000 ba. Dabara biyu ce. Ta farko, rajista da karɓar kuɗi a damƙa wa wani, ba ke ba, wanda zai iya cewa wallahi Hajiya an rufe, ba a hannuna yake ba. Ta biyu, tun wajen lissafi ki ware kujera biyu ko uku na alfarma, ki san kin sadaukar da su. In wadda ba ki iya hana wa ta zo, ki ba ta daga nan a matsayin kyauta tsakaninku. Kyauta daban, farashi daban. Abin da ba a so shi ne a ji a gari cewa ana samun farashin sammako bayan an rufe in an san hanya.

Cikakken farashi shi ma yana da ranar rufewa, kuma mai abinci ce ke yanke ta. In ta ce tana son adadi kwana uku kafin bita, to rajista ta rufe Laraba 25 ga Nuwamba. Sai dai ku duba, daga 5 zuwa 25 ga wata shi ne lokacin da hannu ya fi bushewa. A nan ne biyan rabi yake da amfani: mai cikakken farashi ya ba da 15,000 a riƙe masa kujera, ya cika sauran kafin ya shiga ɗaki ranar Asabar. Rabin nan ya riga ya rufe abincinsa ko da bai zo ba.

Bari in tsaya nan in ji tambayoyi. Malam na can baya, bismilla.

Ya ce: Malam, Allah ya ƙara basira. Na ga wasu suna yin hawa uku ko huɗu, sammakon farko, sammako na biyu, cikakke, sai na bakin ƙofa. Ba zai fi kawo kuɗi ba?

Amin, na gode. Wannan na manyan taruka ne masu ɗaruruwan mutane, waɗanda ake fara sayar da tikitinsu wata shida kafin lokaci. A bitar mutum 40 da sati shida, kowane hawa ƙarin bayani ne da ƙarin rigima, kuma kana koya wa mutane cewa in wannan ya wuce wani na tafe. Biyu sun isa. Na bakin ƙofa kuwa, in za ka yi, ya fi cikakken farashi tsada, kamar 35,000, kuma ka faɗa tun farko cewa sai in kujera ta rage. In ya zo daidai da cikakken farashi, ba wanda zai biya kafin ranar, kai kuma ba ka san plet nawa za ka ce a dafa ba. Wanda ya fi muni shi ne a ga ɗaki bai cika ba a karya farashi a bakin ƙofa, mai 24,000 yana zaune ya ji na kusa da shi 15,000 ya biya da safen nan.

Hajiya, ga ki nan gaba.

Ta ce: Malam, in mai tikitin sammako ya zo daga baya ya ce uzuri ya taso masa, a mayar masa da kuɗinsa, ya za a yi? Kuɗin kuma an riga an ba mai ɗaki.

Hajiya, wannan tun a fosta da saƙon rajista ake rubuta shi, kafin mutum ya tura ko sisi, don sharaɗin da aka faɗa bayan an karɓi kuɗi ba sharaɗi ba ne. Abin da na ga ya fi adalci shi ne, tikitin sammako ba a mayar da kuɗinsa in mai shi ne ya fasa, tunda an rage masa ne don a yi aiki da kuɗin, amma yana da damar ya turo wani a madadinsa, ya sanar da suna kafin ranar 25. In kina da niyyar sake yin bitar, kina iya ɗaga masa zuwa ta gaba sau ɗaya. Mai cikakken farashi kuma a iya mayar masa in ya sanar sati ɗaya kafin bita, wannan ma yana cikin abin da ƙarin 6,000 ɗinsa ta saya masa. Amma in ke ce kika fasa, ko kika canza rana, ko kika mayar da bitar wani gari, to kowa kuɗinsa cikakke zai karɓa, na sammako da na baya, ba a cire ko kuɗin caji. Shi ya sa kafin ki miƙa wa mai ɗaki kafin alƙalami, ki tambaye shi a rubuce: in an ɗage, zai mayar, ko zai ba ki wata rana? In ya ce ba ya mayarwa kuma ba ya sauyawa, to ki tabbata kina da 100,000 ɗin nan a wani wuri da za ki iya biyan mutane, ko ki nemi wani ɗakin.